Kuskuren sifili a piye-a-kulis: yadda ake gano shi da yadda ake gyara awo

Ina koyar da awo da aikin ƙarfe a nan Tawa, kuma tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi dawo mini, daga ɗalibai, da yaran gareji, da masu gyaran injin ban ruwa. Piye-a-kulis shi ne ma'aunin nan mai leɓɓa biyu da ake cafke abu tsakaninsu don a auna kaurinsa. Don taƙaitawa zan riƙa cewa kulis kawai. Na rubuta lambobi da waƙafi kamar yadda muke yi a Nijar, wato 0,02, kuma mm na nufin milimita.

1. Mene ne kuskuren sifili?

In ka rufe kulis ba komai a bakinsa, abin da ya auna babu ne, don haka sifili ya kamata ya nuna. Wato layin 0 na ƙaramin ma'auni mai tafiya ya tsaya daidai bisa layin 0 na babban ma'auni, su zama kamar layi guda. In ba su haɗu ba, tazarar da ke tsakaninsu ita ce kuskuren sifili.

Ka tuna da sikelin mai nama wanda allurarsa ke nuna giram 50 tun ba a ɗora komai ba. Duk abin da aka aza masa, wannan hamsin ɗin na ciki. Haka kulis yake: in ya tashi da ƙarin 0,06 mm, ƙarin zai bi ka cikin awon bis, ya bi ka cikin awon bututu. Sa'ar da aka yi ita ce kuskuren da ba ya canzawa ana iya cire shi da lissafi. Wanda ke canzawa kuwa lissafi ba ya maganinsa, kuma maganarsa tana tambaya ta 10 da ta 11.

2. Kafin in fara, ta yaya zan san darajar layi guda a kulis ɗina?

Babban ma'auni shi ne doguwar sandar, layukanta milimita ɗai-ɗai ne. Ƙaramin ma'aunin da ke zamewa bisa kanta shi ake kira barniye, daga sunan Bafaranshe Pierre Vernier wanda ya bayyana dabarar a 1631. Ka ƙirga gidajen da ke kan barniye, ka raba milimita 1 da adadinsu. Gida 10 ya ba ka 0,1 mm, gida 20 ya ba ka 0,05 mm, gida 50 ya ba ka 0,02 mm. Galibi masana'anta na buga wannan lamba a gefen barniyen, amma in ta goge, ƙirga ba ta ƙarya.

Akwai abin da ke sauƙaƙa karatu a mai gida 20 da mai gida 50. Lambobin da aka rubuta daga 0 zuwa 10 kowace tana nufin 0,1 mm. A mai gida 50, layi na biyu bayan lamba 3 shi ne 0,34 mm: 0,30 daga lambar, 0,04 daga layuka biyun. Ba sai ka ƙirgo layi 17 tun daga farko ba.

3. Yaya ake binciken sifili yadda ya kamata?

Da shara ake farawa. A garin nan, musamman da hunturu, ƙura ba ta barin komai, kuma ƙwayar rairayi guda ta isa ta buɗe baki da kaurin layi biyu ko uku. Ka goge fuskokin manyan leɓɓan da tsumma mai tsabta. Sannan ka sa farar takarda tsakaninsu, ka matse ta kaɗan, ka zare ta a hankali. Za ka ga baƙin layin mai da ƙura ya fito bisa takardar. Ka maimaita har ta fito fes, ka hure zaren takardar da ya maƙale.

Bayan haka ka kwance ƙaramin bis ɗin da ke kulle barniye, ka tura da babban yatsa har leɓɓan su haɗu, da irin ƙarfin da kake sawa lokacin awo, ba fiye ba. Ka ɗaga kulis ɗin wajen haske ka duba ko haske na ratsawa tsakanin leɓɓan. Sai ka dawo da shi gaban idonka, ka kalli layukan kai tsaye, ba ta gefe ba, domin kallon gefe kaɗai kan matsar da karatu da layi ɗaya ko biyu.

In sifili lafiya yake, abu biyu za ka gani tare: layin 0 na barniye bisa layin 0 na sanda, layin 10 na ƙarshen barniye kuma bisa wani layi na sanda. A mai gida 50 wannan layin shi ne na 49 mm. Ka buɗe ka sake rufewa sau uku, kowane karo ka rubuta abin da ka gani.

4. Layin 0 na barniye ya tsaya dama da 0 na sanda. Nawa ne kuskuren?

Wannan shi ne kuskure na ƙari, ana rubuta shi da alamar +. Kulis ɗin yana cewa akwai abu a bakinsa alhali babu. Karanta shi ba shi da bambanci da awo na kullum: ka bi layukan barniye daga 0 zuwa dama har ka samu wanda ya miƙe sak da wani layin sanda, ka ninka lambarsa da darajar layi.

Misali a mai gida 50, in layi na 3 ne ya dace, 3 × 0,02 = 0,06, kuskuren shi ne +0,06 mm. In idonka na shakka tsakanin layuka, ka dubi maƙwabtan wanda kake zato. Layin da ya dace da gaske, na hagunsa da na damansa duk suna karkatowa ciki, wajensa, da tazara iri ɗaya.

5. In kuma ya tsaya hagu fa?

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Layin 0 na barniye ya wuce 0 na sanda ya koma baya, wato kulis ɗin ya fara ne daga ƙasa da sifili. Wannan kuskure na ragi ne, alamarsa −. Matsalar ita ce sanda ba ta da layuka hagu da sifilinta, don haka ba abin da za ka jingina da shi a can. Sai ka nemi layin da ya dace kamar yadda ka saba, amma ka ƙirga gidajen da suka rage daga gare shi zuwa layin 10 na ƙarshe.

A mai gida 50, a ce layi na 46 ne ya dace, wato layi na farko bayan lamba 9. Gidajen da suka rage su ne 50 − 46 = 4, kuma 4 × 0,02 = 0,08. Kuskuren −0,08 mm ne. Wata hanyar da na fi so, domin ba ta buƙatar haddar wata sabuwar doka, ita ce ka karanta barniyen yadda ka saba, ka samu 0,92, sannan ka cire milimita guda: 0,92 − 1,00 = −0,08.

Haka yake a sauran. Mai gida 10 da ya koma hagu, layi na 7 ya dace: 0,7 − 1,0 = −0,3 mm. Mai gida 20, layin da ke tsakanin 8 da 9 ya dace: 0,85 − 1,00 = −0,15 mm. Ɗalibin da ya rubuta −0,92 ko −0,7, da ya sake kallon kulis ɗin da ya gane da kansa. Tazarar da ke tsakanin sifilan biyu ƴar siririya ce kamar silin gashi, ba ta yi kusa da cikakken milimita ba. Kullum ka sa ido ya shaidi lissafi.

6. Me ya sa ake ƙirgawa daga ƙarshe in kuskuren na ragi ne?

Domin kowane gida na barniye ya gaza milimita da ɗan kaɗan. A mai gida 50, an raba 49 mm gida hamsin, kowane gida 0,98 mm ke nan. In layin 0 ya yi gaba da 0,06, layi na 3 zai tsaya a 0,06 + (3 × 0,98) = 3,00, daidai bisa layin 3 mm. Shi ya sa kuskuren ƙari ke bayyana a layukan farko.

In kuwa layin 0 ya koma baya da 0,08, layukan farko sai ƙara nisa suke da abokansu na sanda, kowane ya fi na bayansa gazawa. Sai can da gazawar ta taru ta cika milimita guda sannan wani layi zai dace da layin sandar da ke baya. Layi na 46 yana a (46 × 0,98) − 0,08 = 45,00, wato bisa layin 45 mm, ba 46 ba. Wannan milimita guda da ya ɓace tsakanin 46 da 45 shi ne wanda muka cire a tambaya ta 5.

7. Na san kuskurena. Yaya zan gyara awon da na yi?

Doka guda ce ga iri biyun: awo na gaskiya = abin da ka karanta − kuskuren sifili, tare da alamarsa. In kuskuren +0,06 ne ka karanta 25,40, to 25,40 − 0,06 = 25,34 mm. In −0,08 ne, cire ragi daidai yake da ƙarawa. Da bakin kasuwa: wanda ya yi maka ƙari ka rage masa, wanda ya tauye ka ka cika.

Ga yadda abin ya taɓa faruwa a gabana. Wani manomin albasa daga wajen Galmi ya kawo injin ban ruwa yana ƙara, a gareji inda nakan leƙa in ga yaran da na koyar. Aka fiddo sandar famfon, wadda ke ɗaukar rulma, wato boris, mai lamba 6203. Ramin wannan rulma 17 mm ne. Yaron ya ɗauki tsohon kulis ɗin garejin ya auna wurin zaman rulmar, ya samu 16,90. Ya ce: "Maigida, sandar ta cinye, sai an cika ta da walda an kai ta tur." Maigidan bai karɓi kulis ɗin ba ma, ya ce: "Rufe shi tukuna, ka hwaɗa mini mi ka gani." Yaron ya goge, ya rufe, ya daɗe yana kallo. Sifilin barniye na hagu, layi na farko bayan 9 ne ya dace. Kuskure −0,08 ke nan, don haka 16,90 − (−0,08) = 16,98 mm.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, 16,98 bai wanke sandar ba. Abin da ya canza shi ne hukunci. Da 16,90, gibin 0,10 mm ne, kowa zai ce a kai ta walda. Da 16,98, gibin 0,02 ne kacal, layi guda na kulis ɗin, kuma kulis ba ya yanke hukunci bisa layi guda. Aikin ya koma na mikromita, wanda ke karanta 0,01 mm. Da yaron ya juya alamar ya cire maimakon ya ƙara, da 16,82 zai samu, ya ninka kuskuren sau biyu, manomi ya biya kuɗin walda yana jira, albasa na can tana jin ƙishi.

8. A makaranta an ce mana "kuskure" daban, "gyara" daban. Mene ne bambancin?

Lamba ɗaya ce, alama ce ta bambanta. In kuskuren −0,08 ne, gyaran +0,08 ne. Kuskure cire shi ake yi, gyara kuwa ƙara shi ake yi, kuma duk amsa ɗaya suke bayarwa. Ɗalibai na ruɗewa in suka juya alamar sannan kuma suka cire, sai su ninka kuskuren maimakon su gyara shi. Ka zaɓi hanya ɗaya ka riƙe ta. Abu na biyu da ke cin maki a jarrabawa shi ne haɗa santimita da milimita. In awon 2,46 cm ne, kuskuren kuma −0,3 mm, sai ka mai da shi −0,03 cm tukuna, amsa ta zama 2,49 cm.

9. Me ke kawo kuskuren sifili tun farko?

Alamar kuskuren kan nuna inda ciwon yake. Na ƙari yana nufin wani abu ya hana leɓɓa rufewa har ƙarshe: ƙura, busasshen mai, tsatsa, ko ɗan tudun da ke tasowa a bakin leɓe in kulis ya faɗi bisa siminti. Ka shafa gefen leɓen da farce, in farcen ya maƙale, to akwai tudu. Yawancin kuskuren ƙari da ake kawo mini, shara kaɗai ke kore shi.

Na ragi yana nufin leɓɓa sun rufe fiye da kima, kuma babban dalilinsa cinyewa ne. Shekaru ana gogar ƙarfe, fuskokin sun sauka, barniye ya samu hanyar wuce sifili. Akwai kuma dalilin da ke iya ba da kowace alama: a wasu kulis, farantin barniye ba a jikin abin zamewar aka zana shi ba, ɗaure shi aka yi da ƙananan bis. In suka saki, farantin ya gusa dama ko hagu. Wannan shi ne mafi sauƙin ciwo, domin leɓɓan lafiya suke, kuma gyaransa na tambaya ta 15.

10. Sifilina ya dace sarai, amma awona ba ya dacewa da na wasu. Ina matsalar?

Wannan tambayar ta fi dukkan sauran muhimmanci a wurina, domin mutane da yawa sun ɗauka in sifili ya haɗu to magana ta ƙare. Leɓɓa ba sa cinyewa bai ɗaya. Ƙarshensu ne ke shan wahala, nan ake cafke bis da waya, nan kuma wasu ke jan layi bisa ƙarfe kamar da ƙusa suke aiki, abin da nake roƙon kowa ya daina. In ƙarshen ya cinye, gindin leɓɓan zai ci gaba da haɗuwa yadda ya kamata, sifili ya fito tsaf, amma a can baki akwai gibi. Duk abin da ka auna da bakin zai fito ƙasa da girmansa.

Ɗaga kulis wajen haske shi ke tona wannan asiri. Ka rufe shi, ka sa ƙofa ko taga a bayansa. Leɓɓa masu lafiya ba sa barin haske ko kaɗan. In ka ga siririn haske mai faɗi a ƙarshe yana tsukewa zuwa gindi, ko akasin haka in leɓe ya lanƙwashe, to kuskuren ba lamba ɗaya ba ce, ya danganta da inda ka cafke abin. Gwaji na biyu shi ne ka ɗauki abu guda mai santsi, kamar gindin sabon bakin huda ƙarfe, ka auna shi a gindin leɓɓa, da tsakiya, da ƙarshe. In ka samu 8,00 da 7,98 da 7,92, babu wata lamba guda da za ka cire ta gyara duka ukun.

Abin da za ka iya yi kafin ka samu wani kulis shi ne ka riƙa awo kusa da gindin leɓɓa, inda suka fi lafiya, ka kuma gwada wurin da abin da ka san girmansa, kamar yadda yake a tambaya ta 14.

11. Na rufe sau uku, na samu lambobi uku daban. Wace zan ɗauka?

In bambancin layi guda ne, kamar +0,04 da +0,06 da +0,06, wannan iyakar ido ce, ka ɗauki wadda ta fi maimaituwa. In kuwa ya kai layi uku ko huɗu, kada ka ɗauki ko ɗaya. Ka sake shara. Sannan ka riƙe sandar da hannu ɗaya, ka girgiza leɓe mai tafiya da ɗayan. In yana rawa, abin zamewar ya saki bisa sanda, kuma duk ƙarfin da ka ƙara da yatsa zai karkatar da leɓen ya canza karatu. A saman abin zamewar yawancin kulis akwai ƙananan bis biyu da ke danne wani siririn ƙarfe a jikin sanda. Ka ɗaure su a hankali har su taɓa, ka ɗan sassauta, yadda zai zame ba tare da rawa ba. Bayan haka sai ka koma tambaya ta 3 daga farko.

12. Kuskuren da na samu yana aiki ga awon ciki da na zurfi?

Ba dole ba. Rufe kulis manyan leɓɓa kaɗai yake gwadawa, na awon waje. Ƙananan ƙahonin sama na awon rami, da tsinken da ke fitowa ta wutsiya don awon zurfi, kowane da nasa cinyewar. Kuma cinyewarsu juyin ta waje ce: in ƙahoni suka cinye, sai an ƙara buɗewa kafin su taɓa bangon rami, karatu ya fito sama da gaskiya. Haka tsinken zurfi in ya gajarce. Sai in matsalar gusawar farantin barniye ce kawai sannan lamba ɗaya za ta shafi duka ukun.

Tsinken zurfi da gilashi ake gwada shi. Ka kafa wutsiyar kulis a miƙe bisa gilashi mai tsabta, ka tura tsinken har ya taɓa, abin da ka karanta shi ne kuskurensa. Ƙahoni kuwa da ramin sabuwar rulma. A kulis ɗin garejin da na ba da labari, ramin 17 mm ya fito 17,04, wato kuskuren ciki +0,04 alhali na waje −0,08.

Dubi abin da wannan ke yi in kana neman gibi tsakanin sandar inji da ramin da take shiga. Rami ya karanta 17,10, sanda 16,90, sai ka ce gibin 0,20 ne. Bayan gyara, rami 17,06, sanda 16,98, gibin gaskiya 0,08 mm. Kuskure biyun ba su kashe juna ba, taruwa suka yi.

13. Akwai lokacin da ba sai na yi gyara ba?

Akwai. In bambancin abu biyu kake nema, kuma ka auna su duka da leɓɓa ɗaya a wuri ɗaya, kuskuren zai fita da kansa wajen cirewa. Wurin da ya cinye a sandar inji da wurin da bai cinye ba, misali. Ban da wannan, ka yi gyara, kuma ka yi shi kafin kowane lissafi. In ka jera zoben ƙarfe 10 ka auna su tare don samun kaurin guda, sau ɗaya za ka cire kuskuren, daga jimillar, sannan ka raba. Karatu 15,26 da kuskure +0,06 ya ba da 15,20, kowane zobe 1,52 mm. In ka raba tukuna sannan ka cire, za ka samu kusan 1,47, ka tauye kowane zobe.

14. Ba ni da ƙarafan gwaji na musamman. Da me zan tabbatar da kulis ɗina?

Da sabuwar rulma ta ƙwarai, wadda ba a taɓa ɗaurawa ba. Girmanta sananne ne ko'ina a duniya, kuma ana goge ta da ƙwarewar da ta fi ƙarfin idon kulis. Lamba 6202 raminta 15 mm ne, wajenta 35. Lamba 6203 rami 17, waje 40. Lamba 6204 rami 20, waje 47. A irin waɗannan, in an samu bambanci ƙasa yake yi, kuma bai cika wuce 0,01 mm ba. Ka goge man da ke jikinta, ka auna wajenta a wurare biyu ko uku.

Abin da kake nema shi ne ko kuskuren ya tsaya yadda yake. In sifili ya ba ka −0,08, wajen 6203 ya kamata ya karanta kusan 39,92, na 6204 kusan 46,92. In haka ne, ka samu natsuwa, ka rubuta "−0,08 waje" da ranar gwaji bisa ƴar takarda ka manna cikin akwatin, don wanda zai ɗauka bayanka. In kuwa a sifili −0,08 ne, a 40 kuma ya zama −0,16, to lissafin tambaya ta 7 ba zai cece ka ba.

15. Ba zai yiwu a gyara kulis ɗin kansa ba, a huta da lissafi?

In farantin barniye mai bis ne, yana yiwuwa. Ka share, ka rufe, ka kulle, ka sassauta bis ɗin farantin kaɗan, ka gusa shi har layin 0 da layin 10 su dace tare, ka ɗaure a hankali kana kallo, domin wajen ɗaurewa yakan sake gusawa. Amma ka tuna in cinyewar leɓɓa ce ta kawo kuskuren, gusa farantin dama zai gyara awon waje ya ƙara wa na ciki da na zurfi ƙari, sai ka sake gwada su. Tudun faɗuwa ana sauke shi da lallausan dutsen wasa, shi kaɗai, ba tare da cin fuskar leɓen ba. Kada ka sa zarto a fuskar leɓe, kada kuma ka buga shi da guduma don ka miƙar.

Kulis mai agogo juya fuskar agogon ake yi har allura ta hau 0. Mai batir kuwa maɓallin ZERO ake dannawa bayan an rufe. Sauƙin nan yana da tarko: in ka danna alhali akwai ƙura a baki, ka mai da ƙurar sifilinka, kuma da ta faɗi, duk awonka zai fito ƙasa ba tare da gilashin ya nuna maka komai ba sai in ka sake rufewa ka ga alamar −. Maɓallin ba ya kuma toshe hasken da ke ratsa leɓɓa.

16. Zafin garin nan yana canza sifili?

Sifilin kansa ba ya jin zafi sosai, domin sanda da barniye tare suke miƙewa. Awon ne ke ji. Ana daidaita kayan awo a digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. In kulis da abin da kake aunawa duk ƙarfe ne, kuma zafinsu ɗaya, miƙewarsu kusan ɗaya ce, ba damuwa. Matsalar tana zuwa in ɗaya ya fi ɗaya zafi. Fiston na alminiyam mai 50 mm da aka fiddo daga inji, in ya fi kulis zafi da digiri 40, ya kumbura da kusan 0,05 mm, fiye da layi biyu. Wannan ba kuskuren sifili ba ne, kuma rufe kulis ba zai nuna maka shi ba. Ka ajiye su biyun wuri ɗaya a inuwa har hannunka ya daina jin bambanci tsakaninsu, sannan ka share, ka duba sifili, ka auna.